Shafin Intanet Mai Buɗewa Ko Da Sabis Ya Yi Rauni

Akasarin masu gina shafukan intanet suna aiki ne a kan babbar kwamfuta mai ƙarfi, da intanet mai gudu, a ofis ko a wata cibiyar fasaha. Su kuwa waɗanda aka gina shafin dominsu, da ƙaramar waya suke zuwa, irin su itel da Tecno masu sauƙin kuɗi, waɗanda ram ɗinsu bai wuce gigabait 1 ko 2 ba. Sau da yawa alamar da ke saman allonsu H ce, wani lokacin ma E, kuma datar da suka saya ƙididdigaggiya ce. Shi ya sa shafin da ke buɗewa nan take a gaban maginin sai ya bar mai ziyara yana kallon farin allo har ya gaji ya fita. Shi maginin bai ga matsala ba, shi kuma mai ziyara ba zai kira ya kai ƙara ba, tafiyarsa kawai zai yi.

Maganin ba sayen sabar mai tsada ba ne, ba kuma wata boyayyiyar dabara ba. Lissafi ne: a san nauyin abin da ake turawa waya, a yanka masa iyaka tun kafin a fara gini, a kuma tsaya a kan iyakar. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Lissafin da komai ya rataya a kansa

Duk abin da ke cikin shafi, rubutu ne ko hoto ko umarnin da ke sa maɓalli ya yi aiki, fayil ne mai nauyi, kuma sai ya biyo ta cikin sabis kafin ya iso waya. Ana auna nauyin da kilobait da megabait, inda megabait ɗaya ya kai kusan kilobait 1,000. Shi kuma gudun sabis da kilobit ake auna shi, kuma kilobit takwas ne ke yin kilobait ɗaya. Sabis na 3G da ya yi rauni, irin wanda ake samu a cikin cunkoson kasuwa ko a bayan gari, yana iya sauka zuwa kilobit 400 a daƙiƙa. Idan aka raba da takwas, kilobait 50 ke nan kacal ke shigowa a kowace daƙiƙa.

Da wannan lamba ɗaya za a iya auna kowane shafi. Ƙididdigar HTTP Archive, wadda ke bin diddigin miliyoyin shafuka, ta nuna cewa matsakaicin shafi a waya ya haura megabait 2 a 'yan shekarun nan. A kan kilobait 50 a daƙiƙa, megabait 2 na buƙatar daƙiƙa 40. Mutane kaɗan ne za su jira haka don kawai su ga farashin kaya ko ranar komawa makaranta. Ga kuma batun aljihu, domin kowane megabait kuɗi ne mai ziyara ya biya, kuma tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Najeriya a watan Janairun 2025, mutane sun ƙara sa ido a kan abin da ke cinye musu data.

Akwai kuma jinkiri na biyu wanda ba ruwansa da nauyi. Kafin harafi ɗaya ya iso, sai waya ta tambayi inda sabar shafin take, ta ƙulla alaƙa da ita, su yi musayar mabuɗan tsaro, sannan ta nemi shafin. Zuwa da dawowa huɗu ke nan aƙalla. Idan kowanne ya ɗauki kashi huɗu cikin goma na daƙiƙa, kamar yadda yakan faru a sabis mai rauni, an ci daƙiƙa ɗaya da rabi har da ɗoriya allo yana fari. Abin lura shi ne, duk wata baƙuwar sabar da shafin ya jingina da ita, ta talla ce ko ta salon haruffa ko ta ƙirga baƙi, sai an sake yin yawancin wannan gaisuwar da ita daga farko.

Misali: shagon atamfa

Mu ƙaddara wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari a Kano ya sa an gina masa shafi don masu saye daga Maraɗi da Gombe da Kumasi su riƙa ganin kaya. Shafin farko yana ɗauke da hotuna 30 na atamfa da shadda da leshi, kuma an ɗora su yadda suka fito daga kyamarar waya, kowanne kimanin megabait 3. Jimilla megabait 90 ke nan. A kan gudun da muka ambata, sai an yi rabin awa cif kafin su gama sauka. Bayan hotunan, an yi amfani da wani shiryayyen ƙirar WordPress mai hotuna masu zamewa da kansu a sama, da akwatin hira a ƙasa, da taswirar Google, da salon haruffa iri uku. Mu ce waɗannan sun ƙara megabait ɗaya da rabi.

Mataki na farko shi ne yanka iyaka. A ce abin da mai saye zai fara gani, wato sunan shago da farashi da hotunan farko, kada ya wuce kilobait 200, shafin gaba ɗaya kuma kada ya wuce 600. Kilobait 200 daƙiƙa huɗu ne a wannan sabis. Daga nan duk abin da za a saka sai an tambaya: nawa ne nauyinsa, kuma me za a cire don ya samu wuri? Kamar mai tura kaya ne a baro ta cikin lungu, dole ya zaɓi abin da mai kaya ya fi matsuwa da shi ya sa a sawun farko.

Hotuna: inda mafi yawan nauyin yake

Hoton da kyamarar waya ke ɗauka yakan kai faɗin fiksel 4,000 da tsayin 3,000. Allon ƙaramar waya kuwa faɗinsa yawanci fiksel 720 ne. Idan aka jera hotuna biyu a layi, kowanne fiksel 360 kawai zai samu. Wato wayar tana sauke hoto mai faɗin da ya ninka buƙatarta fiye da sau goma, sannan ta zubar da ragowar. Illar ba ta tsaya a data ba. Kafin waya ta nuna hoto sai ta warware shi a cikin ram, kuma kowane fiksel yana cin bait huɗu. Fiksel miliyan 12 sau huɗu, megabait 48 ke nan don hoto ɗaya. Idan irinsu suka yi yawa a waya mai gigabait 1, sai ka ga shafi yana sandarewa, ko burauza ta rufe da kanta.

Gyaran matakai uku ne. Na farko, a rage faɗin kowane hoto zuwa fiksel 400 don jerin kaya, a kuma ajiye wani mai faɗin 800 wanda zai buɗe sai idan mai saye ya taɓa hoton yana son ganin zanen da kyau. Na biyu, a sauya shi zuwa tsarin WebP, wanda Google ya fitar a 2010 kuma duk manyan burauzoji suke karantawa yanzu. Yakan fi JPEG sauƙin nauyi a inganci iri ɗaya. Manhajar Squoosh kyauta ce, a cikin burauza take aiki, kuma tana nuna hoton asali da wanda aka matse gefe da gefe. Inganci tsakanin 70 da 75 ya kan wadatar. A nan sai an yi hattara, domin zanen atamfa da ramukan leshi suna da ƙananan bayanai masu yawa, kuma idan aka matse fiye da kima sai zanen ya dagule, launi ya yi dabbare-dabbare, mai saye ya kasa tantance kayan. Ido ne alƙali, kuma a duba a kan waya. Hoto irin wannan yakan tsaya a wajen kilobait 40.

Yanzu hotuna 30 sun koma megabait 1.2 daga 90. Har yanzu sun wuce iyakar da aka yanka, don haka mataki na uku shi ne kada a turo su gaba ɗaya. A raba kayan shafi-shafi, goma sha biyu a kowanne, kilobait 480 ke nan. Sannan a gaya wa burauza ta jinkirta hotunan da ke can ƙasa har sai mai saye ya kusa isa gare su:

```html
<img src="atamfa-05.webp" width="400" height="400"
     loading="lazy" alt="Atamfa shuɗiya, yadi 6">
```

Kowane ɓangare na wannan layin yana da aikinsa. Kalmar lazy ce ke jinkirta saukewa, amma kada a sa ta a hotunan da ke saman shafi, domin su ake son su fara fitowa. Faɗi da tsayin da aka rubuta suna sa burauza ta keɓe wa hoton gurbinsa tun kafin ya iso. In ba haka ba, rubutu zai riƙa tsalle duk lokacin da wani hoto ya sauka, har mutum ya kai yatsa zai taɓa abu ɗaya ya taɓa wani. Shi kuma bayanin da ke cikin alt shi ne zai bayyana idan hoton ya ƙi sauka, kuma shi manhajar karanta allo ke karanta wa makafi.

JavaScript: nauyin da ya fi ƙarfin ƙaramar waya

JavaScript shi ne harshen umarnin da ke sa shafi motsi: hotuna su zame, jerin zaɓi ya buɗe, akwatin hira ya fito. Bambancinsa da hoto shi ne, bayan ya sauka sai waya ta warware shi, ta karanta, ta kuma aiwatar da shi layi-layi. Fayil da ya zo a matse da nauyin kilobait 300 yana iya zama kusan megabait ɗaya idan aka warware. Wayar mai tsada za ta gama da shi kafin a ankara. Ƙaramar waya kuwa tana iya ɗaukar ninki da yawa na wannan lokacin, kuma muddin tana wannan aikin ba ta sauraron yatsan mai ita. Alamar wannan matsala sananniya ce: shafi ya fito sarai, amma ka danna maɓalli shiru, ka ja sama ya ƙi tafiya. Ko sabis ya gyaru wannan ba zai gyaru ba, domin a cikin wayar matsalar take.

Manyan hukumomi ma suna lissafa irin wannan. A 2022 shafin gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, ya cire wani tarin umarni mai suna jQuery wanda nauyinsa bai wuce kilobait 32 ba, kuma ma'aikatansa sun bayyana cewa masu ƙananan wayoyi da sabis mai rauni ne suka fi ganin amfanin hakan.

A shafin ɗan kasuwarmu, sai a bi kayan ɗaya bayan ɗaya. Hotuna masu zamewa a sama a cire su, a sa hoto ɗaya tsayayye. Akwatin hira a maye gurbinsa da mahaɗi zuwa WhatsApp, inda dama can ake kammala cinikin. Taswira a mayar da ita rubutaccen adireshi da mahaɗin da zai buɗe ta ga wanda yake so. Idan akwai bidiyon YouTube, a sa hotonsa kawai, bidiyon ya buɗe sai an taɓa. Mahaɗi na yau da kullum ba ya buƙatar JavaScript ko kaɗan:

```html
<a href="https://wa.me/LAMBA">Yi magana da mu a WhatsApp</a>
<script src="shago.js" defer></script>
```

Layi na biyu yana nuna yadda za a yi da ɗan abin da ya rage. Kalmar defer tana sa burauza ta ci gaba da shimfiɗa shafin, ta aiwatar da umarnin daga baya. Ƙa'idar da ta fi muhimmanci ita ce sunan kaya da farashi da lambar waya su zo a rubuce cikin HTML kai tsaye daga sabar. Wasu shafukan zamani fanko suke zuwa, sai JavaScript ya sauka sannan ya zana komai. Idan sabis ya yanke a tsakiya, mai ziyara ba zai ga ko kalma ɗaya ba. Haka kuma masu amfani da Opera Mini a yanayin tsimin data mai tsanani, inda sabar kamfanin ce ke buɗe shafin ta matse shi kafin ta turo wa waya, sukan tarar da irin waɗannan shafuka a karye.

Salon haruffa da matsalar ƙ, ɗ da ɓ

Kowane salon haruffa na musamman da aka sa a shafi fayil ne da za a sauke, kuma mai kauri daban, mai karkata daban. Iri uku da kaurinsu suna iya kaiwa kilobait 150 ko fiye. Shafin Hausa yana da ƙarin matsala. Haruffanmu masu lanƙwasa ba sa cikin rukunin haruffan boko na asali, don haka a tsari irin na Google Fonts, inda ake rarraba salon gida-gida, sai burauza ta sauke ƙarin fayil saboda su. Wasu salon ma ba su da su kwata-kwata, sai ka ga ƙ ko ɗ ta fita daban a tsakiyar kalma, ta fi sauran girma ko siranta. Mafita mafi sauƙi ita ce a yi amfani da salon da ke cikin wayar tun asali:

```css
body { font-family: system-ui, sans-serif; font-size: 16px; }
```

Wannan ba ya cin ko kilobait ɗaya, rubutu yana fitowa nan take, kuma wayoyin Android na yanzu suna nuna haruffan Hausa daidai. Sunan shago, idan ana son ya fita da ado, sai a yi shi ƙaramin tambari.

Abin da sabar za ta yi

Abubuwa uku ne a wannan ɓangaren, kuma yawanci kunna su kawai ake yi. Na farko matse rubutu da gzip ko Brotli kafin a turo shi, wanda yakan rage nauyin HTML da CSS da JavaScript da kusan kashi biyu cikin uku ko fiye. Yana da kyau a san cewa a turawar farko, kimanin kilobait 14 kawai sabar ke aikowa kafin ta jira amsar waya. Idan muhimmin rubutun shafi ya shiga cikin wannan, zai iso a zuwa ɗaya.

Na biyu shi ne ba burauza izinin ajiye abin da ba ya canzawa, kamar tambari da hotunan kaya, don kada mai saye ya sake biyan kuɗinsu gobe:

```
Cache-Control: max-age=31536000, immutable
```

Lambar shekara ɗaya ce a daƙiƙoƙi. Tarkon da ke ciki shi ne, idan aka canza hoto aka bar sunansa na da, tsofaffin baƙi za su ci gaba da ganin tsohon. Saboda haka duk fayil ɗin da aka canza a ba shi sabon suna, kuma kada a sa wa shafin da ke ɗauke da farashi wannan dogon wa'adi.

Na uku shi ne kusanci. Idan sabar tana Turai ko Amurka, kowane zuwa da dawowa sai ya ratsa wayoyin ƙarƙashin teku. Kamfanoni irin su Cloudflare suna ajiye kwafin fayiloli a birane da yawa, ciki har da Legas, kuma suna da tsarin kyauta. Wannan yana rage tafiyar, amma ba ya gyara raunin da ke tsakanin waya da turken sabis, kuma ba ya mayar da shafi mai nauyi ya zama marar nauyi.

Idan aka tattara lissafin shagon, rubutu da tsarin shafi sun koma kimanin kilobait 30, JavaScript 10, hotuna huɗu na farko 160. Kilobait 200 ke nan. Sunan kaya da farashi za su bayyana a cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, hotunan farko su cika a wajen daƙiƙa shida, sauran su biyo baya yayin da mai saye yake dubawa. Wannan bai kai ma'aunin Google ba, wanda ke son babban abin da ke allon farko ya fito cikin daƙiƙa 2.5, amma a sabis mai rauni haka babban ci gaba ne, kuma da zarar sabis ya ɗan gyaru shafin zai cika ma'aunin.

Yadda ake gwadawa

A burauzar Chrome ta kwamfuta, a danna F12, a shiga sashen Network, a sa alama a Disable cache, a zaɓi gudun 3G, sannan a sake buɗe shafin. A ƙasa za a ga jimillar nauyin da ya sauka da adadin fayiloli. Idan aka jera su bisa girma, masu laifin za su taru a sama. Shafin PageSpeed Insights kuma yana gwada kowane adireshi kyauta, yana kwaikwayon waya matsakaiciya, ya lissafo abin da ya kamata a gyara. Sai dai gudun da yake kwaikwayo, megabit 1.6 a daƙiƙa, ya ninka wanda muka yi lissafi da shi sau huɗu, don haka maki mai kyau a can ba ya nufin an gama.

Gwajin da ya fi kowanne gaskiya shi ne waya ta haƙiƙa. A sami ƙaramar waya wadda aka daɗe ana amfani da ita, cike da hotuna da manhajoji, a shiga saitinta a tilasta mata 3G, a kashe wayfai, a fita waje da ita. Abin da aka gani zai nuna inda matsalar take. Idan allo ya daɗe fari, sabar ce ke jinkiri ko wani fayil ya tare hanya. Idan rubutu ya fito hotuna suna sauka a hankali daga sama zuwa ƙasa, nauyin hoto ne. Idan komai ya fito amma maɓalli ba ya amsawa, JavaScript ne. Idan shafi yana tsalle, an manta da rubuta faɗi da tsayin hotuna.

Bayan an miƙa aiki

Shafi marar nauyi ba ya zama haka da kansa. Ranar da sabbin kaya suka iso, yaron shago zai ɗora hotuna kai tsaye daga wayarsa, wata rana kuma a ƙara wata manhajar talla, a hankali nauyin ya dawo. Saboda haka maginin kirki yakan saita sabar ta riƙa rage kowane hoto da kanta lokacin da aka ɗora shi. WordPress ma yana yin ƙananan kwafi na kowane hoto, abin da ya rage shi ne a tabbatar ƙirar shafin da su take amfani.

Shi kuma mai shago ko shugaban makaranta da zai ba da aikin, ba sai ya iya rubuta umarnin kwamfuta ba kafin ya kare kuɗinsa. Ya sa a rubuta a cikin yarjejeniya iyakar nauyin shafin farko da lamba, ya nemi a nuna masa wannan lambar a sashen Network ranar miƙa aiki, kuma kafin ya biya cikon kuɗi ya buɗe shafin a wayar mafi ƙanƙantar ma'aikacinsa, da datar wayar. Bayan kowane wata uku a maimaita gwajin, abin da ya haura iyaka a rage shi ko a cire.